Bayan Bautar Ƙasa: Yadda Ake Haɗa Sibi da Sanarwar Guraben Aiki a Waya

Yawancin takardun sibi da matasanmu ke yawo da su a shagon kwamfuta aka buga su, kuma a kan na wani aka buga. Mai shagon ya buɗe tsohon fayil, ya goge sunan wancan, ya sa naka. Shi ya sa duk suke kama da juna. A sama an rubuta sunan takardar da manyan baƙaƙe, sai ranar haihuwa, jinsi, aure ko rashinsa, addini, ƙabila, jiha da ƙaramar hukuma, sai makarantar firamare. A ƙasa kuma an ce mai takardar yana sha'awar karatu da tafiye-tafiye. Mai ɗaukar aiki zai cinye rabin shafi bai ga abu ɗaya da mutumin ya iya yi ba, alhali abin da ya buɗe takardar domin ya gani ke nan.

Wanda ya karɓi takardar sallama daga bautar ƙasa yakan ɗauki rubuta sibi aiki ɗaya, neman labarin guraben aiki kuma wani aiki daban. A ganina aiki guda ne, kuma abin da ya haɗa su shi ne kalmomin da ke cikin tallan aikin. Da waɗannan kalmomi ake gina sibi, da su kuma ake saita sanarwar da za ta riƙa shigowa waya. Duka biyun ana iya yin su da manhajojin kyauta, kuɗin data kawai za a kashe.

Bari mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ce wata yarinya ce ta karanta tattalin arziki a Jami'ar Bayero da ke Kano, ta yi bautar ƙasa a wata sakandare a Jigawa inda ta koyar da lissafi, yanzu ta dawo gida. In ka tambaye ta wane aiki take nema, amsar da za ta fara bayarwa ita ce "kowanne ma aka samu". Wannan amsa gaskiya ce a zuci, amma babu manhajar da za ta iya aiki da ita. Dole ta zaɓi sunan aiki, ko da biyu ne. A ce ta zaɓi aikin tattara bayanai da bin diddigin ayyuka, irin wanda ƙungiyoyin agaji da na raya ƙasa ke ɗaukar mutane a kansa a Maiduguri, Kano, Sakkwato da Abuja. A tallace-tallace sunan da zai fito shi ne M&E Assistant ko Data Officer, wani lokaci Data Clerk.

Kafin ta rubuta ko layi ɗaya, sai ta nemo talla biyar ko shida na irin wannan aiki, ko da lokacinsu ya wuce, ta karanta sashen da ke faɗin abin da ake buƙata. Za ta ga wasu abubuwa suna maimaita kansu: Excel, KoboToolbox ko ODK, rubuta rahoto, jin harshen yankin, takardar kammala bautar ƙasa. Abin da ya fito a talla huɗu cikin shida, shi ne ainihin abin da masu aikin ke nema. Ta rubuta su a gefe ta raba gida biyu: wanda ta iya, da wanda ba ta iya ba. Na farkon zai shiga sibi. Na biyun shi ne karatun da ke gabanta. KoboToolbox, alal misali, ana buɗe asusu a cikinsa kyauta, kuma mutum na iya haɗa ƙaramin fom na tambayoyi, ya cike shi a waya da manhajar KoboCollect, ya sauke sakamakon a Excel. Wanda ya yi haka da hannunsa sau biyu ko uku ya cancanci ya rubuta sunan manhajar a takardarsa. Wanda bai taɓa buɗe ta ba kada ya rubuta, domin a intabiyun irin wannan aiki sukan miƙo kwamfuta su ce bismillah.

Abin da za a sa a shafin

Sabon mai digiri shafi ɗaya ya ishe shi, in ya yi yawa biyu. A sama sunansa, lambar waya, adireshin imel da garin da yake zaune. Ba sai an sa unguwa da lambar gida ba, tunda takarda ce da za ta shiga hannun mutanen da ba a sani ba. Imel ɗin ya zama na suna, ba laƙabin da aka ƙirƙira ana aji uku a sakandare ba. Buɗe sabo a Gmail ba ya cin minti biyar, kuma yana da kyau a keɓe shi domin neman aiki kawai.

Addini, ƙabila da maganar aure ba su da aiki a sibin da za a aika wa kamfani ko ƙungiya. Jiha da ƙaramar hukuma suna da muhimmanci a aikin gwamnatin tarayya saboda tsarin raba daidai tsakanin jihohi, amma a can ma fom ake cikewa a shafin hukumar, a ɗora takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma. Shekarun haihuwa ana sa su idan tallan ya gindaya iyaka, kamar yadda bankuna kan yi a shirinsu na ɗaukar sababbin masu digiri. Hoto ma haka, sai an nema.

Inda aikin yake shi ne sashen ƙwarewa, kuma a nan ne yawancin matasa ke cutar kansu da cewa ba su taɓa aiki ba. Shekara guda ta bautar ƙasa aiki ce. Watannin SIWES da aka yi a wata ma'aikata lokacin karatu aiki ne. Haka aikin wucin gadi na zaɓe ko na rigakafi, da riƙe littafin shagon Baba, da zama ma'ajin ƙungiyar ɗalibai. Matsalar ita ce yadda ake rubuta su. Yarinyarmu, in aka bar ta, abin da za ta rubuta shi ne ta koyar da lissafi, shi ke nan. Amma da za a zauna da ita a tambaye ta abin da ta yi a makarantar daga Litinin zuwa Juma'a, sai a ji cewa ita ce ta kwashe makin ɗalibai daga rijistar takarda ta zuba a Excel, ita ke fitar da sakamakon zango, kuma ƙungiyarsu ta hidimar al'umma ta taɓa zagaya gidaje da takardar tambayoyi kan tsaftar ruwa. Ga mai neman aikin tattara bayanai, waɗannan sun fi koyarwar kanta daraja. Tunda da Turanci ake rubuta sibi a Nijeriya, layukan za su iya fitowa haka:

```
Entered and cleaned termly scores of 240 students in Excel
Collected data from 60 households for a CDS water survey
```

Kowane layi ya fara da abin da aka yi, ya faɗi yawansa, ya faɗi abin da aka yi amfani da shi. Alƙaluman nan na misali ne. Nata za ta sa, kuma su zama waɗanda za ta iya karewa idan an tambaye ta, ko idan an kira shugaban makarantar. Layi uku ko huɗu a ƙarƙashin kowane aiki sun isa, a fara da na baya-bayan nan.

A sashen karatu, digiri da jami'a da shekarar gamawa. Matakin digiri a sa shi idan zai taimaka ko idan tallan ya nema. Aikin binciken ƙarshe na jami'a ya cancanci layi ɗaya idan yana da alaƙa da aikin, musamman idan an raba takardun tambayoyi an yi nazarinsu da SPSS ko Excel. Firamare ba ta da gurbi a nan. Harsuna kuwa a rubuta su, kada a raina su: ƙungiyar da za ta tura mutum ƙauyukan Borno ko Zamfara tana buƙatar mai jin Hausa, kuma mai Kanuri ko Fulatanci a kan Hausar ya ƙara samun fifiko. Game da waɗanda za su tsaya wa mutum, kada a sa sunan malami ko shugaba ba tare da an gaya masa ba. A kira shi, a gaishe shi, a ce "Malam, ina neman izini in sa sunanka", sannan a tura masa sibin domin ya san abin da za a tambaye shi.

Google Docs ko Canva

Ga mai waya kawai, Google Docs ya fi dacewa. Kyauta ne, yana adana aiki da kansa, kuma asusun Google na zuwa da wurin ajiya na gigabayit 15, wanda ya ishi takardun mutum duka. Ana danna alamar ƙari, a zaɓi New document a fara da farin shafi. Akwai samfuran sibi a ƙarƙashin Choose template, amma ni na fi son farin shafin: rubutu ya sauko layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, da salon baƙi guda kamar Arial, girma 11, kanun sassa a ɗan kaurara su. A kunna Print layout daga ɗigo ukun da ke sama domin a ga inda shafi ya ƙare, tunda allon waya na ɓoye wannan. Idan an gama, a shiga Share & export, sai Save as, a zaɓi PDF.

Canva kuwa ta fi kyan gani, shi ya sa matasa ke rububinta. Tana da samfura masu launi, ginshiƙi biyu, da 'yan zane-zanen da ke nuna wai mutum ya iya Excel kashi tamanin cikin ɗari, abin da babu wanda ya san yadda aka auna shi. Wasu samfuran ma masu alamar kambi na kuɗi ne. Ga mai neman aikin zane ko talla, Canva na da ranarta. Ga sauran mutane tana iya jawo matsalar da ba a gani da ido.

Da yawa daga cikin manyan kamfanoni da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa ba sa karɓar takarda ta imel. A shafinsu ake ɗorawa, ta wasu manhajoji irin su Workday, Taleo ko SuccessFactors. Manhajar takan zare rubutun da ke cikin fayil ta rarraba shi gida-gida, suna nan, karatu nan, ƙwarewa nan, sannan jami'in ɗaukar aiki ya bincika da kalma. Ana yawan cewa na'ura ce ke watsar da takardun mutane, kuma an zuzuta maganar fiye da kima. Sau da yawa abin da ke fitar da mutum tun farko shi ne amsar da ya bayar ga tambayoyin fom ɗin, kamar shekarun ƙwarewa ko takardar bautar ƙasa. Amma gaskiya ne cewa idan rubutun ya zaru a hargitse, ko bai zaru ba sam, mai binciken kalmar Excel ba zai ga sunanka ba. Ginshiƙai biyu kan sa layin hagu ya cakuɗe da na dama. Sibin da aka buga a takarda aka yi masa sikanin, ko aka ɗauke shi hoto, shi ne mafi muni, domin a wurin manhaja hoto ne kawai, babu baƙi ko ɗaya a ciki.

Akwai gwaji mai sauƙi. Ka buɗe PDF ɗin a waya, ka danne yatsa a kan wata kalma. Idan ta ƙi zaɓuwa, hoto ke hannunka. Idan ta zaɓu, ka zaɓi rubutun duka, ka kwafa, ka zuba a manhajar rubutu kamar Google Keep. Abin da ka gani a can, kusan shi ne abin da manhajar kamfani za ta gani. Idan lambar waya ta ɓace, ko shekarar gama jami'a ta koma ƙarƙashin harsuna, a sake tsari.

Sunan fayil ma abin lura ne. Mai karɓar takardu ɗari ba zai gane fayil mai suna "document final 2" ba. A sa masa suna kamar `Suna-Sunanmahaifi-CV.pdf`. Sannan a buɗe jaka guda a Google Drive a zuba takardar digiri, ta bautar ƙasa, ta haihuwa, ta ƙaramar hukuma da hoton fasfo, kowanne ƙarami, domin shafukan neman aiki kan ƙayyade girman fayil. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wasu guraben kwana kaɗan suke yi a buɗe.

Sanarwar da ke zuwa da kanta

Yanzu sai a koma ga kalmomin nan da aka tara. A LinkedIn, yarinyarmu za ta shiga sashen Jobs, ta rubuta M&E Assistant, wuri ta sa Nigeria. Ba Kano kaɗai ba, domin tallan da yawa da sunan Abuja suke fitowa ko da aikin a wata jiha yake. A matatar Experience level ta zaɓi Entry level da Internship, sannan ta kunna Set alert. Daga nan za ta zaɓi ko kullum ko mako-mako, ta imel ko ta cikin manhaja. Kullum ya fi. Sai ta maimaita haka da Data Officer. Kowane sunan aiki da sanarwarsa, domin idan aka cusa su duka a bincike ɗaya sakamakon kan rikice. Shafinta na LinkedIn kuma ya yi daidai da sibin, shekara da shekara, tunda mai ɗaukar aiki na iya duba duka biyun. Alamar Open to work ana iya saita ta masu ɗaukar aiki kaɗai su gani, ba sai koren zoben nan ya fito a hoto ba.

Ga aikin ƙungiyoyin agaji, ReliefWeb ya fi LinkedIn tsabta. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ayyukan jinƙai, OCHA, ke gudanar da shi, kuma a sashen ayyukansa ana iya tace ƙasa a zaɓi Nigeria, a tace ƙwarewa a zaɓi 0-2 years. Mai jin Faransanci na iya ƙara Niger, Chad ko Cameroon. Jobberman, wanda aka kafa a Nijeriya a 2009, da MyJobMag su ne suka fi ɗauko ayyukan kamfanonin cikin gida, makarantu masu zaman kansu da asibitoci, kuma duka biyun na aika sanarwa ta imel ga wanda ya yi rijista. Neman aiki a cikinsu kyauta ne.

Google Alerts aikinsa daban ne. Ba shafin ayyuka ba ne. Yana sa ido ne a kan sababbin shafukan intanet da labarai, ya aiko idan kalmarka ta fito. Saboda haka bai da ƙarfi wajen kamo ƙananan guraben aiki, amma yana da amfani wajen jin cewa wani banki ko wata hukumar gwamnati ta buɗe ɗaukar ma'aikata. A shiga `google.com/alerts` a rubuta, misali:

```
"graduate trainee" Nigeria recruitment
```

Alamomin zancen na tilasta kalmomin biyu su zo a jere. A ƙarƙashin Show options a zaɓi sau ɗaya a rana, in ba haka ba saƙonni za su dame ka.

Abin da ke kashe wannan tsari shi ne yawa. Mutum ya yi rijista a shafi goma, ya shiga zaure ashirin na WhatsApp da Telegram, bayan mako biyu saƙonni sun kai ɗaruruwa, sai ya daina buɗewa gaba ɗaya. Sanarwa biyar ko shida da aka saita da kyau sun fi. Kuma a sani Gmail kan tura irin waɗannan saƙonni sashen Promotions ko ma Spam, inda waya ba ta ƙara a kansu. Maganinsa matata ce, amma ba a iya haɗa ta a manhajar Gmail ta waya; sai a buɗe Gmail a kwamfuta, ko a Chrome tare da kunna Desktop site, a bincika adireshin mai aikowa, a danna Create filter, a zaɓi Apply the label da Never send it to Spam. Daga nan duk sanarwa na taruwa wuri ɗaya, a duba su sau ɗaya da safe.

Idan talla ya dace, ba a tura sibin jiya yadda yake. A yi Make a copy a Google Docs, a gyara layuka biyun gabatarwa da ke sama su ambaci sunan aikin, a ɗago ƙwarewar da tallan ya fi nanatawa zuwa gaba, da irin kalmar da suka yi amfani da ita. Aikin minti goma ne. Idan ta imel ake nema, a rubuta kan saƙon daidai yadda aka umarta, har da lambar gurbin, domin da shi suke rarrabe saƙonni. Kada a tura fayil tsirara babu ko gaisuwa. Layi huɗu da ke faɗin aikin da ake nema da dalilin dacewa sun wadatar. Kuma idan akwai hanyar nema a shafin kamfanin kansa, ta fi ta shafin da ya kwafo tallan.

Yana da kyau a riƙe lissafi a Google Sheets: rana, wuri, sunan aiki, da abin da ya biyo baya. Bayan wata guda wannan lissafi ne zai nuna inda ciwon yake. Idan sanarwa ba ta zuwa, kalmar ta yi ƙunci ko garin ya yi ƙanƙanta. Idan tana zuwa amma duk ta masu shekara biyar a aiki ce, matatar ƙwarewa ce ba a saita ba. Idan tallan sun dace, an nema da yawa, amma shiru, a koma kan sibin, a sake gwajin kwafa da zubawa, a kuma ba wani da ke irin wannan aiki ya karanta. Idan kuwa ana kira intabiyu amma ba a ɗauka, takardar ta yi nata aikin, gyaran yana wani wuri. Wani shirun kuma ba laifin kowa ba ne, masu nema ne suka fi guraben yawa nesa ba kusa ba.

Lissafin na da wani amfani: yana tona 'yan damfara. Saƙon tes ya shigo cewa an zaɓe ka intabiyu gobe da ƙarfe tara, babu sunan kamfani, babu sunan aiki; ka duba jerinka, ba ka nemi wani abu mai kama da haka ba. Sau da yawa irin wannan gayyata taron tallan kayan sayarwa ce, inda za a ce ka biya kuɗin rijista, wani lokaci kuma abin ya fi haka haɗari, don haka ba a zuwa adireshin da ba a tantance ba, balle a je ba tare da an gaya wa na gida ba. Duk aikin da aka ce a biya kuɗin fom, na gwajin lafiya ko na horo kafin a ba da takardar ɗauka, a bar shi. Shafukan ɗaukar aiki na gwamnati galibi da `.gov.ng` suke ƙarewa, kuma masu kwaikwayonsu kan canza baƙi ɗaya ko su ƙara wata kalma a adireshin, saboda haka a karanta shi baƙi-baƙi kafin a shigar da lambar NIN. Lambar BVN da lambar asusun banki sai bayan an karɓi takardar ɗauka an tabbatar da wurin. Lambar sirrin da banki ke turowa ta tes kuwa, babu ma'aikatar da ke buƙatarta a kowane mataki na ɗaukar aiki.